Taurarin da salular Malam ke aiko mini

Ya san abin da ke cikin ƙirjinsa a ranar da ya zauna yana haɗa saƙon nan, ko kuwa wasan hannu ne kawai irin nasa na masu gyara? Na tambayi kaina, na tambayi ɗiyata wadda ke rubuta maganar nan yanzu, na tambayi likitan da ya duba shi. Babu wanda ya sani. Shi kuma da ya sani bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba sa'ad da yake da bakin amsawa. Har yau in na tuna sai hawaye su zo, kuma ba na jin kunyar su zo.

Ba zan faɗi sunan mijina ba, don ban taɓa faɗinsa ba yana raye. Malam nake ce masa. Mutanen kasuwar Filinge kuma mai rediyo suke ce masa, saboda tun yana saurayi yake da rumfa kusa da masu sayar da tabarmi, yana gyaran rediyo da tocila da agogo. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, karatun allo ya yi. Harufan boko a jikin kwalayen batir ya koye su, yana tambayar duk ɗan lakwal da ya ratsa ta gaban rumfar. Da rediyo ta ja baya salula ta shigo, abokan sana'arsa suka naɗe tabarma suka koma gida. Shi sai ya sayi gilashin ido ya ce bari ya ga cikin wannan ita ma. Gemunsa fari fat, amma samari ke kawo masa salularsu su tsuguna suna kallon hannunsa.

Ni ban san ko alif na boko ba. Salulata ƙarama ce mai maɓallai, na san kore na ɗauka, na san ja na ajewa, kuma ya sa mini lambarsa a kan maɓalli guda, in na danne shi na riƙe sai ta kira shi. Tasa babba ce ta shafawa, irin wadda ake ce ma Android, ɗiyarmu ta ba shi bayan ta sayi sabuwa. Ta tsufa kafin ta zo hannunsa, batirinta ba ya riƙe wuta kamar da.

Muna da gona a hanyar Damana, gadon ubansa, da ɗan nisa daga gari. Da damina ta faɗi yakan rufe rumfa ya koma can, ya fita da safe a kan jaki da gorar hura da hauya, ya dawo dab da magariba. Da ƙarfina muna tafiya tare. Da gwiwoyina suka ƙi, sai ya zama shi kaɗai. Ɗiyanmu maza suna Yamai da Kwatano, ɗiyarmu mace ita ke Filinge tana koyarwa, mijinta kuma yana da shagon hatsi.

Akwai abin da ya kamata a sani game da gonar nan. A cikinta ubansa ya rasu. Malam yana matashi a lokacin, ya tafi cin kasuwar Abala, tsohon ya fita gona shi kaɗai bai dawo ba, mutanen gida suka zaci ya kwana a wajen ɗan'uwansa. Malam ne ya same shi da ya dawo, kuma ungulaye ne suka nuna masa wurin. Sau ɗaya ya ba ni labarin nan, farkon aurenmu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne babu kowa a kusa da tsohon da zai laƙana masa kalmar shahada, babu wanda ya juya masa fuska gabas, babu wanda ya rufe masa ido. Ya ce mini, “Mutuwa ba ta ba ni tsoro. Amma ina roƙon Allah ya sa ta same ni kaina na kan cinyar wani.” Bai sake tayar da zancen ba, ni kuma ban manta ba.

Saboda haka duk ranar da na danna maɓallinsa na ji matar nan ta cikin waya tana cewa ba a samunsa, sai in tuna da tsohon nan. Kuma kullum dalilin ɗaya ne. Yana noma yana sauraron karatun Alƙur'ani a salula, tana cikin aljihun gaban rigarsa, karatun kuma yana shan batir, kafin la'asar ta mutu. Ya dawo ya tarar da ni a ƙofar gida na kumbura.

“Ke tsohuwa, mi ya faru kuma?”

“Ka sani. Tun azahar nike kira.”

“Waya ta mutu, ba ni na mutu ba. Ba ki iya bambance mu?”

“Ku biyu duk kun tsufa, ku biyu duk ba ku jin magana.”

Sai ya yi dariya ya sauke wa jaki kaya. Amma ya ji. Malam in ya ji abu ba ya cewa ya ji, sai dai ka gan shi ya ɗauko gilashinsa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya zauna a gindin itacen bedin tsakar gida da salularsa da tawa. Ya ce ya samu wata manhaja, abin da ɗiyata ke ce ma aplikasiyo, wadda ake ba wa umarni sau ɗaya ta riƙa cikawa da kanta. Ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce kamar ka ce wa mai gadi, in ka ga ruwan randa ya sauka zuwa nan, ka je ka faɗa wa wance. Abu biyu ake gaya mata, abin da za ta jira da abin da za ta yi. Abin jiran shi ne batir ya sauko zuwa kashi goma sha biyar cikin ɗari. Abin yin shi ne ta aika saƙo zuwa lambata.

Na ce, “Don mi ba za ka bari sai ta kusa mutuwa ba?”

Ya ce tsohon batir maƙaryaci ne, yana iya nuna saura biyar ya ɗauke nan take, gara ta yi magana tun tana da sauran numfashi. Ya ce kuma saƙo na waya zai sa, ba na intanet ba, don shi rezo kawai yake bukata, wato layi ya kama, da ɗan kiredi na kira a ciki.

Na ce, “To, wa zai karanta mini? Kullum kamfanin waya na aiko mini da surutunsu, duk ƙara ɗaya suke yi.”

Ya dube ni ta saman gilashi. Nan ne ya yi abin da har yau nake jinjina masa. Bai rubuta kalma ko ɗaya ba. Ya cika saƙon da alamar nan mai kama da tauraro wadda ke ƙasan maɓallai, layi bisa layi, har fuskar salulata ta cika. Ya nuna mini maɓallin tsakiya da zan danna in buɗe. Ya ce, “In kin ga ƙananan tsutsotsin boko, na kamfani ne, ki share su da ido. In kin ga taurari, ni ne. Ma'anarsa waya za ta yi barci, mai waya yana nan lahiya.” Shekaru ina ganin rubutu kamar sawun kaji a tsakar gida, ran nan aka yi wanda nake karantawa da kaina.

Bai yarda da abu ba sai ya gwada. Manhajar ta nemi izinin aika saƙo, ya ba ta. Ya bar karatu yana tashi har batir ya sauko, muna zaune muna kallo kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Taurari suka shigo, na yi guɗa, maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya haihu.

Amma ranar farko a gona ba su zo ba. Salula ta mutu shiru, na sha zullumina kamar kullum. Da ya dawo na ce, “Ina mai gadin naka?” Ko hura bai sha ba, ya zauna yana tono. Can ya ce ya kama ɓarawon. Ashe salular da kanta, in ta ga wata manhaja ta daɗe ba a buɗe ta ba, takan kwantar da ita don tattalin batir, to mai gadin ma an sa shi barci. Ya shiga wurin saitin batir ya cire ta daga cikin waɗanda ake kwantarwa. Sannan ya gano abu na biyu. Salular tana da layi biyu, kuma wanda ya zaɓa mata ba ya kamawa sosai a gona. Ya mayar da ita kan ɗayan. Washegari ya zagaye gonar kaf da waya a hannu yana duba rezo, daga bukka har iyaka. Ko'ina yana kamawa sai cikin kwarin da ruwa ke kwanciya. Ya ce in batir ya kai wurin yana cikin kwari, saƙo ba zai fita ba, don haka noman kwari da sassafe zai riƙa yinsa, batir na cike.

Daminar nan na samu kwanciyar rai. Taurari su zo wajen la'asar, in ce masha Allah, in ɗora tukunya.

Da rani ya yi, sai na fara ganin wasu abubuwa. Yakan tsaya a tsakiyar alwala ya dafa bango. Yakan ce yaji ya yi yawa a miya, yana shafa ƙirji, alhali ban ƙara ko ɗaya ba. In na yi magana sai ya ce tsufa ne. Da hadari ya fara haɗowa, ya je Baleyara ranar kasuwa ya dawo da ƙaramin faifan sola, ya ɗaure shi a kan bukkar gona. Na yi murna, na ce yanzu waya ta daina mutuwa, taurari sun huta.

Ya ce, “A'a. Aikinsu ya sake dai. Zauna ki ji.”

Ya ce zai riƙa fita da batir cike, yana karatu a aljihu. Da azahar zai koma bukka ya yi salla, ya jona waya a sola, ya sha hura, ya ɗan kishingiɗa. In ya yi haka, batir ba zai taɓa saukowa goma sha biyar ba, taurari ba za su zo ba. In kuwa suka zo, to bai koma bukka da azahar ba ke nan.

“In kin gan su, ki kira ni. In na ɗauka, ki zage ni. In ban ɗauka ba, ki aiko.”

Na ce, “Malam, akwai abin da kake ɓoye mini?”

Ya ce, “Mi zan ɓoye miki, ke da ko goro na ci sai kin ji a numfashina?”

Na roƙe shi ya bar gonar a ba wa 'yan ƙwadago. Ɗiyarmu ta roƙe shi har da kuka. Ya ce ubansa ya noma ta, shi ma zai noma ta muddin ƙafarsa na ɗaukarsa. Ta ce to za ta riƙa kiransa a kai a kai. Ya ce shi ba jinjiri ba ne da za a riƙa leƙawa. Mutum ne da ba ya son a tsare shi, amma ya san ina tsoro kuma shi ma yana da nasa, sai ya nemo hanyar da ba za a dame shi ba sai ranar da ya dace. A lokacin haushi na ji. Yanzu nake ganin zurfin abin.

Sau biyu taurari suka yi mini ƙarya. Na farko gizagizai ne suka rufe rana wuni guda, sola bai ba da komai ba. Na kira, ya ɗauka bakinsa cike da hura. Na biyu ya tsaya hira da wani Bafillace mai kiwo a bakin iyaka har ya manta da jonawa. Na zage shi yadda ya ce in yi, har na ƙara. Ya ce, “Madalla, mai gadi na aiki, uwar mai gadi ma na aiki.”

Na uku ya zo lokacin maimai, hatsi ya kai gwiwa. Rana ce tas, babu gajimare ko ɗaya. Ina tankaɗe a tsakar gida bayan azahar ta gota, salula ta yi ƙara a ƙullin zanena. Na buɗe, taurari. Na dubi sama na ga ranar da ke ƙona bayan wuya, na san sola ba shi da uzuri yau. Na danna maɓallinsa. Ta yi ta ringi har ta katse. Na sake. Na sake.

Ɗiyata tana lakwal a can ƙarshen gari. Mai moto, wato babur, mafi kusa da ni shi ne mijinta. To, a wurinmu kowa ya san kunyar da ke tsakanin mace da mijin ɗiyarta. Tun da ya aure ta ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakar idonsa ba. In ya zo gaisuwa daga bakin zaure yake tsugunawa, ni ina cikin ɗaki, mu gaisa ta bayan labule. In na hango shi a hanya nakan sake lungu. Ran nan na fita da garin hatsi har gwiwar hannu, takalmi ƙafa ɗaya, na ratsa kasuwa na tsaya a gaban shagonsa cikin mutane. Ya zabura ya sunkuyar da kai.

Na ce, “Tada moto. Babanku na gona.”

Ya ce, “Inna, ki koma gida, ni zan tafi yanzu yanzu.”

Na ce, “Da ni za ka.”

Masu awon hatsi suka juyo suna kallona. Wata tsohuwa ta ce, “Subhanallahi, bayan surukinki?” Ban ko waiwaye ta ba. Na san abin da Malam ya roƙi Allah, kuma ba cinyar suruki yake nufi ba. Na hau, na riƙe rigar bawan Allah nan da hannu biyu. Kafin mu fita gari ya tsaya ya kira wani abokinsa mai mota ya ce ya same mu a bakin titi. Har yau surukina bai taɓa tayar da zancen ba. Allah ya yi masa albarka.

Jakin muka fara gani a ɗaure a inuwa. Bukka babu kowa, gorar hura ba a taɓa ba, igiyar cajin tana lilo. Muka tsaya muna kira, shiru. Sai surukina ya ɗaga hannu ya ce in saurara. Can cikin hatsi, ƙasa ƙasa, muryar mai karatu ce ke tashi. Sauran wutar da Malam ya bar wa wayar ita ta ja mu har inda yake. Yana kwance a gefensa tsakanin kunya biyu, hauya a ƙarƙashinsa, ya ja jiki ya nufi gindin gawo bai kai ba. Leɓunansa sun bushe, gumi ya jiƙa rigarsa. Idonsa a buɗe.

Na zauna a ƙasa na ɗora kansa a cinyata. Na fara kalmar shahada, leɓensa na bin nawa. Da muka kai ƙarshe ya ɗan numfasa ya ce, da wata murya siririya, “Tsohuwa, ba yau ba ne. Ba ni ruwa.” Ina kuka ina dariya na ba shi.

Aka samo amalanke daga gonar maƙwabta aka kai shi titi, mota ta kai shi likita. Likitoci suka ce zuciya ce, kuma ta daɗe tana ciwo. Suka ce da ya kai dare a wurin, sai dai wani zancen. Ya yi kwanaki a can, sannan ya ce a mayar da shi gida. Ɗiyanmu maza suka zo daga Yamai da Kwatano. Ya ga jikokin da bai taɓa gani ba. Ya nemi gafarar abokan kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ya raba kayan gyaransa ga waɗanda ya ga suna da hannu. Surukinsa da ɗiyansa suka ƙarasa noman, aka kawo masa zangarniyar farko ya murza a tafinsa ya shinshina. Ya kai har aka ɗaure damma aka zuba a rumbu.

Wani ɗansa ya ce masa wayon nan ya cece shi. Ya girgiza kai ya ce Allah ne ya cece shi, waya aike kawai ta yi, kuma da tsohuwa ta tsaya jin kunya da aiken ya tashi a banza.

Salularsa tana nan a wurina, a kan taga kusa da inda ake jonawa. Bayan na fita takaba ɗiyata ta ce bari ta kashe umarnin nan, abu ne na danna wuri ɗaya. Na ce ta bar shi yadda mai shi ya bar shi. Hannunsa ne a ciki. Kullum da safe in na idar da salla nakan jona ta, kuma in an ɗauke kure, wato wutar lantarki, nakan aika da ita shagon surukina, yana da sola. Tun ranar gona taurari ba su sake zuwa ba. Wani lokaci, ba zan ɓoye ba, raina kan ce in bar ta ta sauko in gan su ko sau ɗaya. Sai in tuna ya riga ya yi magana a kan wannan.

Da hantsi ya rasu, a ɗakinsa, ɗiyansa na kewaye da shi, kansa a inda ya roƙa. Liman ya laƙana masa shahada ya amsa, da ita ya cika. Amma kafin liman ya shigo, mu biyu ne kaɗai a ɗakin. Ya juya ido wajen taga inda salular take, sannan ya dawo da shi kaina. Na kai kunnena kusa da bakinsa.

Ya ce, “Tsohuwa, ki riƙa sa ma wayar nan caji. Kar ta aiko miki da taurari ki fita nemana, ba ki san hanyar gonar da za ni ba.”